"Ga Biro, Ki Sayar Mini": Yadda Ake Shirya Wa Intabiyun Wakiliyar Kamfani

Yau a wannan fili namu ina so mu tattauna a kan wani aiki da 'yan matanmu na karkara suka fara nema, watau aikin wakiliyar kamfani mai tallata kaya. Abin da ya jawo maganar kuwa shi ne autarmu, wadda aka kira ta intabiyu a Kano bayan girbin da ya wuce, ta hana ni barci har kwana shida muna gwaji a tsakar gida.

Mu mutanen wani ƙauye ne a ƙasar Ɗambatta, ba nisa da titin da ya tashi daga Kano ya nufi Kazaure da Daura. Duk wadda ta san yankinmu ta san ba mu da daji. Gona ce ke bin gona, gida na hangen gida, iyaka kuwa sai dai jema ko cediya. Gonar da kakanmu ya noma shi kaɗai yanzu mutum biyar ke rabe da ita, kason Baba kuma gero da wakensa ba sa kai mu wata damina. Auta ta gama sakandare, ta zauna shekara biyu tana taya Inna suyar ƙuli-ƙuli. Sai wani babban dila a Kano, mai rarraba sabulu da sinadarin ɗanɗano da littattafan rubutu, ya ce yana neman wanda zai riƙa zaga masa shagunan Ɗambatta da Makoɗa da Kunci yana karɓo oda. Ta kai takarda, aka kira ta. Wani da ya taɓa shiga irin wannan intabiyu ya raɗa mata cewa manajan yakan zaro biro daga aljihu ya ce a sayar masa. Nan cikinta ya ɗuri ruwa.

Wannan dabara ta biro ba a Kano aka ƙirƙiro ta ba. Masu ɗaukar 'yan talla a ƙasashen Turawa sun daɗe suna yin ta, amma ta ƙara bazuwa ne bayan wani fim na Amirka mai suna The Wolf of Wall Street da aka fitar a 2013, inda tauraron fim ɗin yake miƙa wa mutane biro yana cewa su sayar masa. Abin da ya sa suke zaɓen biro kuwa shi ne kowa ya san shi, kowa yana da shi, ba shi da tsada, ba kuma wani abin mamaki a jikinsa da za ki fake da shi. Manajan ba biro yake bukata ba, akwai su cike da durowarsa. So yake ya ga abin da za ki yi in kin tsaya gaban mai shagon da bai kira ki ba, bai kuma san ki ba.

Daren farko na zama manaja. Na zauna a kujera 'yar tsugune, na miƙa mata jan biron da nake duba aikin yara da shi. Auta ta miƙe tsaye kamar mai gasar muhawara, ta fara: wannan biro ne mai kyau, mai inganci, mai ƙarko, yana rubutu sumul, ba irinsa a duk Nijeriya, kowa yana son sa. Ta yi ta zuba har numfashinta ya ƙare. Na ce mata, "Ina da biro." Sai ta yi tsit, ta dube ni, ta ce, "To Yaya, me kuma zan ce?"

Gwaggonmu tana gefe tana tsince wake. Dillaliya ce, ta fi shekara talatin tana shiga gidaje da atamfa da kwanuka da kayan ɗaki. Ta yi dariya har da tafa hannu. Ta ce, "Ke 'yar nan, waƙa aka ce ki yi ko ciniki? Ni tun da nake ban taɓa kwance ƙullina ba sai na zauna, na sha ruwa, na ji wa za a aurar, wa ta haihu, wa aka yi wa kishiya. Matar da za ta aurar da 'ya bayan Salla ba sai na yabi kwano a gabanta ba. Wadda ba ta da sha'ani kuwa, ko na kwana ina yabo, sannu za ta yi mini."

Wannan magana ta Gwaggo ita ce kan darasin duka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba ki san abin da mutum ke bukata ba sai kin tambaye shi, in kuwa ba ki sani ba, duk yabon da kika yi harbi ne a duhu. Mu malamai ma haka aka koya mana: kafin ki shiga sabon darasi sai kin yi wa yara tambaya kin ji abin da suka riga suka sani. Har wani Bature ɗan Ingila, Neil Rackham, ya wallafa littafi a 1988 mai suna SPIN Selling bayan ya bi 'yan tallan kamfanoni yana sauraron yadda suke ciniki, abin da ya gano kuwa shi ne a manyan cinikayya waɗanda suka fi sayarwa su ne masu iya tambaya. Da na gaya wa Gwaggo sai ta ce ai da ya zo wajenta da ta rage masa wahala.

Saboda haka muka sake tsari. In an miƙo miki biro, ki karɓa da hannun dama, ki duba shi, ki cire murfin, ki ɗan gwada shi a takarda. Wannan ba ɓata lokaci ba ne. Na farko kin sami damar nitsuwa, na biyu kuma wani manajan yakan ba da biron da ba ya rubutu da gangan, don ya ga ko za ki yabi abin da ba ki gwada ba. Sa'an nan ki yi tambaya ɗaya tak kafin a fara wasan: "Ranka ya daɗe, a matsayinka na manaja zan sayar maka, ko kuwa za ka zama mai shago?" Tambayar tana da muhimmanci ƙwarai, domin ciniki biyu ne dabam. Mai amfani da biro rubutu yake saye. Mai shago kuwa bai damu da daɗin rubutu ba, riba yake saye, da saurin fitar kaya daga kanta. Aikin da ake nema kuma da masu shago ake yin sa, ba da 'yan makaranta ba.

Bari mu fara da mai amfani. Tambaya uku ko huɗu sun isa, kada ki mai da shi wanda ake tuhuma a gaban alƙali. Me kake yawan rubutawa a rana? Wane irin biro kake amfani da shi yanzu? Me ya taɓa ba ka haushi game da shi? Sai ki yi shiru ki saurara. A gwajinmu na amsa mata da gaskiyata: ina duba littafin yara fiye da saba'in, jan biro nake amfani da shi, abin da ke ƙona mini rai kuwa shi ne ya ƙare mini a tsakiyar aiki da daddare, ba shagon da ke buɗe, ga wanda ya taɓa tsiyaya a jakata da bazara ya ɓata mini rajista. Kun ga yanzu ta sami abin kamawa. Maimakon ta ce biron yana da kyau, sai ta ce, "Yaya, kin ga jikinsa garau yake, kina ganin inda tawada ta tsaya, ba zai ƙare miki ba labari. In kin ɗauki biyu, ɗaya a jaka ɗaya a gida, kin huta da neman aro." Siffar biro ita ce jikinsa garau ne. Amfaninsa gare ni shi ne ba zai yanke mini da dare ba. Ki faɗi siffa sau ɗaya, ki ɗaure ta da damuwar da mutumin ya faɗa da bakinsa.

Yana da kyau ki san kayan da ke hannunki ko da kaɗan ne. Sunan biro ya samo asali ne daga wani ɗan jarida mutumin ƙasar Hangari, László Bíró, wanda ya yi rajistar ƙirƙirarsa a 1938. Irin mai jiki garau ɗin nan da muka saba da shi kamfanin Bic na Faransa ya fara fitar da shi a 1950. A bakinsa akwai wani ɗan ƙanƙanin ƙwallo mai juyawa, shi ke ɗebo tawada mai kauri ya shafa a takarda. 'Yar hudar da ke gefen jikinsa iska take daidaitawa don tawada ta sauko daidai. Hudar da ke kan murfin kuwa an yi ta ne saboda in yaro ya haɗiye murfin iska ta sami hanyar wucewa. Wannan na ƙarshe uwa za ki gaya wa, ko shugaban makarantar firamare, su zai shiga ransu. In manaja ya ce takardun kaya yake sa wa hannu, maganar murfi ba ta shafe shi ba, ki bar ta a cikinki. Kada kuma ki ƙara gishiri. In kin ce biron zai shekara bai ƙare ba, zai ce wa ya gaya miki, kin kuwa faɗi. Haka nan in kin zo maganar 'yan jarrabawa, ki tuna takardar zaɓen amsa ta WAEC da fensir ake cike ta, biro na ɓangaren rubutu ne. Ƙaramin kuskure irin wannan yakan nuna ba ki san masu sayen kayanki ba.

Akwai manajan da zai ce miki shi ba ya rubutu da biro sam, kome a waya yake yi. Wannan tarko ne, so yake ya ga ko za ki rikice ko za ki hau gardama. Kada ki yi ko ɗaya. Ki tambaye shi in direba ya kawo kaya da me ake sa hannu a takardar, wa ke rubuta rasit a ofishin, yara nawa gare shi a makaranta. Da wuya a rasa ƙofa ɗaya a cikin ukun nan. In kuwa duk ya toshe su, ki ce masa, "To ranka ya daɗe, ba zan sayar maka da abin da ba ka bukata ba. Wa ke sayo wa ofishin nan kayan rubutu, in gan shi?" Wannan ba faɗuwa ba ce. Wakiliyar da ta san inda ba ciniki ta wuce gaba ta fi wadda za ta ɓata rabin yini a shago ɗaya.

Yanzu sai mai shago, inda muka fi daɗewa, domin a nan lissafi yake shigowa. Alkaluman da zan kawo na misali ne da muka yi gwaji da su, ba farashin kasuwa ba ne, ke ma ki je ki tambayo na ranar da za ki shiga. Mu ce kwalin biro mai guda 50 ana ba mai shago a kan N4,000. Kowane ɗaya ya kama N80 ke nan. In ya sayar a N100, kwali ya kawo N5,000, ribarsa N1,000. Wannan lissafi ya kamata ya zauna miki a ka kamar karatun Fatiha, ba sai kin zaro waya ba.

Yayanmu ne ya zama mai shagon, shi kuwa ya taɓa tsaron tireda, ya san halinsu. Ga yadda gwajin dare na biyar ya kasance, na rubuta shi a bayan littafin shirin darasina.

Auta ta yi sallama, ta gaishe shi, ta tambayi kasuwa. Sa'an nan ta ce, "Alhaji, na ga makarantar firamare a bayanka, ga kuma Islamiyya. Kwali nawa na biro kake sayarwa in an koma hutu?"

Ya ce, "Biyu, wani lokaci uku. Amma ina da mai kawo mini, nasa N3,000 ne kwali. Naki ya yi tsada."

Ta ce, "Gaskiya ne, nawa ya fi da N1,000. Nawa kake sayar da ɗaya?"

Ya ce, "N80."

"A cikin kwali, guda nawa ake dawo maka da su, ko ka tarar sun bushe ko sun tsiyaye?"

Ya ɗan yi tunani ya ce, "Ba a rasa kamar biyar."

Ta ce, "To mu lissafa tare. Guda 45 a N80 sun kama N3,600. In ka cire N3,000, saura N600. Nawa kuwa in duk sun yi rubutu N1,000 za ka samu a kwali. Ga shi, zaro kowanne ka ga dama ka gwada."

Ku lura, 'yan'uwa, ba ita ta ce biron wancan mutumin ba shi da kyau ba. Mai shagon ne ya faɗi biyar da bakinsa, ita lissafi kawai ta yi masa. Kushe kayan wani ba ya sayar da naki, musamman a ƙauye, inda mai yiwuwa wanda kike kushewa surukinsa ne. Amma Yaya bai sakar mata ba. Ya ce yaran ƙauye N80 ake ba su, wa zai ƙara musu N20, ga shi kuma zai zuba N4,000 a inda da yake zuba N3,000. Wannan magana gaskiya ce, kuma ranar farko da ya yi ta Auta musu ta hau yi. A dare na biyar sai ta ce, "Haka ne, Alhaji. Shi ya sa ba zan ce ka bar wancan ba. Ka ɗauki kwali ɗaya ka ajiye kusa da shi, malamai da 'yan sakandare da masu rubuta bashi a shago su za su fara nema. Ran Lahadi in na zo kasuwar Ɗambatta zan biyo in ga guda nawa suka fita. Shuɗi zan rubuta maka ko baƙi?"

Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce rufe ciniki, kuma nan ne mu mata muka fi faɗuwa. An tarbiyyantar da mu da kunya, sai mu yi bayani mai kyau, mu tsaya muna murmushi muna jiran a ce a kawo. Manaja kuwa yana jira ne ya ji ko za ki buɗe baki ki nemi odar. Ki nema, da adadi, da launi, da ranar kawowa. In kin nema kuma ki yi shiru. Kada shirun ya tsorata ki har ki fara rage kuɗi ba a taya ba. Gwaggo ta ce mai kaya ba ya taya wa kansa.

Sauran tarko ɗaya, shi ne mafi haɗari. Yaya ya ce, "To na yarda, ajiye kwali uku, in na sayar na biya." Auta don murna ta ce to. Na ce mata ta faɗi intabiyu. Bashi shi ke kashe wannan aiki. Sabuwar wakiliya ba ta da ikon ba da kayan kamfani bashi, ba ta kuma da ikon rage farashi, sai abin da aka ba ta izini. Amsar ita ce, "Alhaji, bashi ba a hannuna yake ba. Mu fara da kwali ɗaya kuɗi hannu, in mun saba zan kai maganarka gaban manaja." Wanda ke yi miki intabiyu ya sha ganin wakilan da suka cika littafi da oda, kuɗi kuwa suna hannun mutane. In ya ga kin ƙi bashi cikin ladabi ba tare da kin kori mai saye ba, ya ga abin da yake nema.

Duk wasan nan bai kamata ya wuce minti uku zuwa biyar ba. In Turancinki ba ya gudu, ki nemi izini ki yi cinikin da Hausa, tun da masu shagon Makoɗa da Hausa za ki same su. Sauran tambayoyin kya amsa da Turanci gwargwadon iyawarki.

Biro dai ɓangare ɗaya ne. Abin da na ga ya fi ɗaga Auta a idonsu shi ne wani aiki da ta yi kafin ranar. Ta ɗauki littafi mai fallaye 40, ta shiga shago goma a garinmu da cikin Ɗambatta, ta tambayi kowane mai shago irin sabulu da sinadarin ɗanɗanon da ya fi fita, nawa yake saro katan, daga ina, me kuma ke damunsa. Da yawansu suka ce sai sun rufe shago sun tafi Kasuwar Singa a Kano, su biya mota zuwa da dawowa, su biya ɗan dako. Kun ga abin da dila zai sayar musu ke nan kafin sabulu: a kawo musu kaya har ƙofa. Ta kuma rubuta wani abu da namiji ba zai iya kawowa ba. A garuruwanmu ciniki mai yawa a cikin gidaje ake yin sa, matan aure na sayar da omo ƙulli-ƙulli da man gyaɗa da gishiri ta hannun yara. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta yi rubutu a kansa tun 1969, ta kira shi ɓoyayyen ciniki. Wakili namiji iyakarsa zaure. Mace kuwa za ta yi sallama ta shiga har tsakar gida. Auta ta ƙirga gida goma sha huɗu masu irin wannan sana'a a unguwa biyu kawai. In aka tambaye ki don me za a ɗauke ki a bar maza, ga amsa, ba sai kin ce ke mai ƙwazo ce ba.

Za a tambaye ki maganar gida: an yarda ki yi yawo, in an yi miki aure fa, za ki iya hawa babur zuwa ƙauyukan da mota ba ta shiga da damina? Ki gama wannan magana da iyayenki ko maigidanki tun kafin ki tafi, don ki amsa da gaskiya a taƙaice. Takardu kuwa ki tafi da na asali da kwafi: sakamakon jarrabawa, takardar shaidar ƙaramar hukuma, katin ɗan ƙasa, da hotuna ƙanana. Ki nuna na asali, ki ba da kwafi, ki dawo da naki gida. Ki sa tufa mai tsabta da hijabin da ba zai hana ki rubutu ba, da takalmin da za ki iya tafiya da shi. In aka ce ki biya kuɗin fom ko kuɗin horo kafin a gan ki, ko aka ce sai kin sayi kaya da kuɗinki kin kuma kawo mutum uku, wannan ba ɗaukar aiki ba ne. In aka ce a haɗu a otal, kada ki je. Ko ofis ne ma, ki tafi da ɗan'uwanki ya jira ki a waje, ki kuma fita da sassafe, don motar ƙauye ba ta tashi sai ta cika.

A ƙarshe manaja zai ce ko kina da tambaya. Kada ki ce babu. Wakiliyar da ba ta iya lissafin albashinta ba, yaya za ta yi na kamfani? Ga misali. A ce albashi N50,000 ne, da kamasho naira ɗaya a kowace ɗari, an kuma ɗora miki sayar da kayan N3,000,000 a wata. In kin cika, kamasho N30,000, jimla N80,000, abin gwanin daɗin ji. Amma in kuɗin mota daga aljihunki ne, kina kashe N2,000 kullum har kwana 24, N48,000 sun tafi, saura N32,000. In rabin abin da aka ɗora miki kika sayar, kamar yadda yakan faru ga sabuwa, N17,000 za ki tsira da su. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya zama abin da ke cinye irin wannan albashi, mafi ƙarancin albashi na ƙasa kuwa an mai da shi N70,000 a 2024, sai ki auna. Don haka ki tambaya: wa ke biyan kuɗin mota da na kati? Kamasho a kan kayan da aka sauke ne ko a kan kuɗin da suka shigo? In mai shago ya ci bashi, ko kaya suka lalace, wa zai biya?

Ki kuma nemi a rubuta amsoshin a takarda. Dalili kuwa, Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta 1974, a inda ta fassara wane ne ma'aikacin da take karewa, ta cire wakilan kamfani da 'yan tallan da aikinsu yake wajen harabar mai aikin. Watau takardar yarjejeniyar da kika sa wa hannu ita ce babbar madogararki ranar da aka sami saɓani. Haka nan za a ce ki kawo mai tsaya miki. Ki karanta wa mutumin abin da zai sa wa hannu, domin in kuɗi suka yi giɓi shi za a bi. Baba ya so ya ba da takardar gonarsa, muka hana shi. Gonar da ke ciyar da mutum tara ba a jingine ta saboda katan ɗin sabulu.

Ranar intabiyu su goma sha ɗaya ne, mata biyu. Manajan bai ba ta biro ba ma, wani littafin rubutu mai fallaye 60 ya ɗauko daga kan tebur ya ce ta sayar masa. Ta ce gabanta ya faɗi, sai ta tuna ai tambayoyin ba su canja ba. Ta buɗe littafin ta duba takardar, ta ce zai zama mai shago ne ko uban yara. Ya ce mai shago. Da ya nemi bashi ta ƙi, ya yi dariya ya ce wa ya koya mata. Ta ce gwaggonta.

Sun ɗauke ta gwaji na wata uku. Kuɗin mota sun ce rabi za su biya, ta nemi a rubuta, aka rubuta. Shugaban makarantarmu ne ya tsaya mata, bayan ya karanta takardar sau biyu ya sa an ƙayyade iyakar kuɗin da za a iya binsa. A watan farko ba ta cika abin da aka ɗora mata ba, ta kai kashi biyu cikin uku, akasarinsa kuma daga matan cikin gida ya fito, masu ɗaukar rabin katan su biya nan take. Jan birona dai har yau yana jakarta, ta ce da shi take rubuta sunayen masu neman bashi.